Sau biyu da beta-buloka: lamarin ɗan kasuwar hatsi mai asma da ciwon suga

Wannan lamari na koyarwa ne. Na sakaya suna da gari, na kuma daidaita wasu bayanai don a ga zaren maganar sarai. Mutumin dai Alhaji za mu kira shi, ɗan kasuwar hatsi ne mai shekara 58. Yana da asma tun yana saurayi, ciwon suga ya kai shekara tara a jikinsa, hawan jini kuma ya biyo baya. An ba shi maganin rukunin beta-buloka, masu rage gudun zuciya da hawan jini, sau biyu, tsakaninsu shekara biyu. Na farko ya kusa kai shi lahira. Na biyu mu da kanmu muka rubuta masa, da saninmu, kuma har yanzu yana sha.

Daren da aka kawo shi

Lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe gari. Bayan isha'i ɗansa da matarsa suka shigo da shi sashen gaggawa, rigarsa sharkaf da zufa duk da sanyin da ake yi. Yana magana amma ba kan gado, numfashinsa yana fita da kuka kamar usur. Ana ƙirga numfashin aka sami 30 a minti ɗaya, iskar osijin a jininsa kashi 90 cikin 100, awon jini 176 bisa 98. Nas ta soki yatsarsa, na'ura ta nuna suga 2.4, wato kimanin 43 a ɗaya ma'aunin. Duk abin da ya yi ƙasa da 3.9 faɗuwar suga ce, ƙasa da 3.0 kuwa abin gaggawa ne.

Abin da ya tsayar da ni shi ne bugun zuciyarsa: 62 a minti ɗaya. Mutumin da asma ta shaƙe haka, wanda ɗansa ya ce ya shaƙi inhelarsa ta salbutamol fiye da sau goma tun la'asar, ga kuma suga ya faɗi, zuciyarsa kamata ya yi tana dukan 110 ko 120. Abubuwa uku ne kowannensu ke zaburar da zuciya, amma tasa tana tafiya kamar ta mai barci. Fassara biyu ce. Ko dai ya galabaita ne har zuciya ta fara sarewa, wanda alama ce ta asma mai kisa, ko kuwa akwai abin da ya riƙe mata linzami. Mun ɗauke shi a matsayin na farko wajen gaggawar aiki, domin ba a caca da wannan, muna kuma neman na biyu.

Aka sa masa ruwan suga mai kashi 10 ta jijiya, mililita 200, aka ɗaura masa osijin, aka kunna nebulaiza da salbutamol miligiram 5 haɗe da ifiratirofiyom maikirogiram 500, aka yi masa allurar haidirokotison miligiram 100. Cikin minti goma sha biyar ya dawo hayyacinsa. Da ya iya busa ƙaramar na'urar awon ƙarfin fitar numfashi, sai ta tsaya a 190. Katinsa na asibiti ya nuna cewa in yana lafiya yakan busa 430. Ya sami kashi 44 cikin 100 ke nan na abin da ya saba, kuma wannan asma ce mai tsanani.

Na ce da matarsa, "Hajiya, a ba ni duk magungunan da yake sha, har wanda ba asibiti ne ya rubuta ba."

Ta zazzage leda a kan tebur. Ga magungunan suga, metfomin da gilibenkilamid miligiram 5 da yake sha safe da yamma, ga amlodifin na hawan jini da bai taɓa ba tun watan jiya, ga ƙwayar salbutamol miligiram 4. Sai wani kati da aka ɓalle ƙwaya shida a jikinsa: furofaranolol, wani beta-buloka, miligiram 40.

Alhaji ya ba da labarin da bakinsa washegari. Ƙurar hatsi da ta hunturu sun tayar masa da ƙirji, sai ya ƙara da ƙwayar salbutamol a kan inhela. Ƙwayar ta sa masa karkarwar hannu da faɗuwar gaba, abin da aka san tana yi. Ya je wani kemis a unguwa ya ce gabansa na faɗuwa, aka auna jini aka ga ya hau, aka ba shi wannan ƙwaya aka ce tana maganin duka biyun. "Wallahi Likita, faɗuwar gaban ta tsaya cak," in ji shi. "Amma tun daren farko ƙirjina ya ɗaure, inhelar kuma kamar iska nake shaƙa." Kwana uku bai iya cin abinci sosai ba, bai kuma fasa shan gilibenkilamid ba.

Ƙofofi biyu

Adirenalin, sinadarin da jiki ke saki in an firgita ko an shiga wahala, ɗan aike ne. Ba ya aiki sai ya sami ƙofar shiga, kuma waɗannan ƙofofi su ake kira makarɓa. A 1948 Raymond Ahlquist ya raba su gida biyu, alfa da beta, a 1967 kuma Lands da abokan aikinsa suka nuna cewa beta ɗin ma iri biyu ne. Beta-1 ya fi yawa a zuciya, inda yake ƙara saurin bugu da ƙarfinsa, da kuma ƙoda, inda yake sa a saki renin mai ɗaga jini. Beta-2 yana jikin naman da ya zagaye hanyoyin iska na huhu, yana sa su saki su buɗe. Yana hanta, inda yake sa ta fasa rumbun sukarinta ta zuba a jini. Yana jijiyoyin jini na tsoka, yana faɗaɗa su, shi ne kuma ke kawo karkarwar hannu.

Furofaranolol, wanda James Black ya samar a farkon shekarun 1960, aikin da yana cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1988, ba ya tantance ƙofa. Duka biyun yake rufewa. Wanda ya ba Alhaji shi ƙofar zuciya yake nufi, kuma ta rufu, shi ya sa faɗuwar gaba ta tsaya. Amma ya rufe ta huhu da ta hanta tare da ita.

A huhu, ja-in-ja ne kullum. Jijiyar bagus tana matse hanyoyin iska, beta-2 yana sassauta su. Ga mai lafiyayyen huhu, in aka rufe beta-2 ba a cika ganin komai ba, domin matsin ba shi da yawa. Ga mai asma, hanyoyin a kumbure suke, a shirye suke su tsuke, sai aka cire wanda ke riƙe da ɗaya bakin igiyar. Abin da ya fi muni shi ne, salbutamol ta wannan ƙofa ta beta-2 yake shiga. Maganin da ya tayar da ciwon shi ne ya tare hanyar maganin ceto. Dalilin da ya sa muka haɗa da ifiratirofiyom tun nebulaiza ta farko ke nan: shi bagus yake toshewa, ba ya bukatar ƙofar beta ko kaɗan. Salbutamol ɗin ma ba a daina shi, ana maimaitawa ne da yawa, domin gasa suke yi da furofaranolol a bakin ƙofa ɗaya, wanda ya fi yawa shi ke shiga. Rabin furofaranolol yana barin jini cikin awa 3 zuwa 6, don haka mun san cewa zuwa wayewar gari ƙarfinsa zai ragu. Haka kuwa aka yi. Da hantsi Alhaji ya busa 310, bugun zuciyarsa ya haura 96.

Sai a lura da abu ɗaya: sauƙin asmar mutum ba kariya ba ce. Wanda ya shekara bai taɓa inhela ba ma irin wannan magani na iya shaƙe shi da ƙwayar farko.

A wajen suga, ɓarnar hawa uku ce. Na farko, gargaɗi ya ɓace. Mai ciwon suga ya san alamomin faɗuwarsa: gaba ya faɗi, hannu ya yi rawa, hankali ya tashi, sai ya nemi abin zaƙi. Waɗannan duka ta ƙofofin beta suke zuwa. Alhaji ya ce bai ji ko ɗaya ba, zufa kawai ya ga tana keto masa, ya ɗauka wahalar numfashi ce. Zufa ba ta ɓacewa, domin jijiyoyin da ke kai saƙo ga mafitar gumi da wani sinadari dabam suke aiki, asetilkolin, ba adirenalin ba. Na biyu, farfaɗowa ta yi jinkiri, saboda hantar da za ta saki suga an rufe mata ƙofa. Na uku shi ne awon nan na 176 bisa 98. Suga in ya faɗi adirenalin yana malala a jini. Beta-2 da zai faɗaɗa jijiyoyi a rufe yake, alfa mai matse su kuwa a buɗe, sai jini ya yi sama, zuciya ta ƙara lafawa don mayar da martani.

Furofaranolol ba shi kaɗai ya kayar da sugar ba. Gilibenkilamid a cikin da babu abinci shi ne ya tura, furofaranolol ya rufe bakin mai ihu, ya kuma ɗaure hannun mai ceto. Saboda gilibenkilamid yana daɗewa a jiki, mun ci gaba da ruwan suga muna aunawa akai-akai har fiye da awa 24.

Tambayar da ta fi dacewa a wannan karo ita ce, shin Alhaji yana bukatar beta-buloka ma kuwa? Bai bukata. Faɗuwar gabansa ƙwayar salbutamol ce ta kawo ta, maganinta a daina ƙwayar, a ba shi inhelar rigakafi mai rage kumburi. Hawan jininsa kuma na wanda ya ajiye amlodifin ne. Ko da babu asma, beta-buloka ba shi ne zaɓin farko na hawan jini marar wata matsala ba. Birtaniya ta sauke shi daga sahun farko tun 2006, kuma a jikin baƙar fata, waɗanda galibi renin ɗinsu ba shi da yawa, ba ya sauke jini sosai in shi kaɗai ne. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka shida ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dike Ojji na Abuja, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jini ga mutanenmu fiye da haɗin da ba shi. Muka mayar da shi kan amlodifin, muka ƙara losatan saboda ƙodar mai ciwon suga. Ban zaɓi irin su lisinofiril ba don suna kawo busasshen tari, kuma tari a bakin mai asma rikita lissafi yake yi. Muka cire gilibenkilamid. Furofaranolol kuwa a take muka tsayar da shi, tun da kwana uku kawai ya yi yana sha kuma ba a san shi da ciwon jijiyar zuciya ba. A saman katinsa na rubuta da jan biro cewa kada a ba shi beta-buloka marar zaɓi, wato mai rufe ƙofofin biyu duka, na nuna wa ɗansa cewa sunayen wannan rukuni da "lol" suke ƙarewa.

Bayan shekara biyu

Ya dawo da ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora masa buhu, jijiyar zuciya ta toshe. Bayan an wuce gaggawar, hoton eko ya nuna zuciyarsa tana tunkuɗa kashi 35 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, alhali lafiyayya takan wuce 50. Ƙafafunsa sun kumbura, bugun zuciyarsa 88.

Yanzu lissafi ya juye. Ga mai raunin zuciya irin wannan, beta-buloka ba maganin jin daɗi ba ne, yana cikin 'yan magungunan da ke tsawaita rai. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 1999, ɗaya kan bisofurolol ɗaya kan metofurolol mai sakin kansa a hankali, kowanne ya nuna raguwar mutuwa da kimanin kashi 34 cikin 100, na kabedilol a 2001 ma ya ba da kusan haka. Hana shi wannan magani shi ma hukunci ne mai farashi.

Da na kawo maganar, ɗansa ya zaro tsohon katin. "Likita, ba kai ka rubuta wannan da hannunka ba?"

Na ce ni ne, kuma ban janye ba. A sake karantawa: marar zaɓi na ce.

Nan ne maganar zaɓi ta shigo. Akwai masu toshe beta da suka fi son ƙofar beta-1 a kan ta beta-2: bisofurolol, metofurolol, atenolol, nebibolol. A asibiti akan ce da su "masu zaɓar zuciya", sunan da nake ganin ya yi musu yawa, domin yana sa a ɗauka ba sa taɓa huhu sam. Fifiko ne kawai. A wani awo na ɗakin gwaji da aka wallafa a 2005, bisofurolol ya fi kama beta-1 da kimanin ninki 14, atenolol kimanin 5, metofurolol kuwa ninki biyu da ɗan abu. Ka ɗauke su kamar masu gadi da aka ce su tsare ƙofar farko. In su kaɗan ne, can za su tsaya. In aka turo su da yawa, ƙofar farko ta cika, ragowar sai su koma ta biyu. Shi ya sa zaɓin yake ga ƙaramin awo, yana narkewa in awo ya hau.

Kuma ko a ƙaramin awon ba a ce babu haɗari ba. Wani nazari na 2014 da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi wa masu asma ya gano cewa masu zaɓin suna rage ƙarfin fitar numfashi da kimanin kashi 7 cikin 100 a matsakaici, wanda yawanci ba a ma ji, amma kusan mutum ɗaya cikin takwas nasa ya faɗi da kashi 20 ko fiye. Ba a gane wannan ɗayan da ido. Don haka ƙa'idojin kula da asma da na zuciya suka tsaya a wuri ɗaya: asma ba haramci ne na har abada ga masu zaɓi ba in dalilin mai ƙarfi ne, amma ƙwararre ne zai fara, da ƙaramin awo, yana kallo. Mai asma mai tsanani, ko wanda ƙirjinsa ke kuka a lokacin, ba a ba shi.

Alhaji ya cika sharuɗɗan. Wata goma sha takwas bai kwanta saboda asma ba, yana shaƙar inhelar rigakafi safe da dare, ta ceto kuwa ba ya kaiwa sau biyu a mako, ya kuma bar wa yaransa aikin auna hatsi. Yana busa 420.

Wanne za a ba shi? A nan cututtukansa biyu suka ja mu gefe biyu. In don suga ne kawai, kabedilol ya fi. Tsofaffin masu toshe beta irin su atenolol da metofurolol suna ɗan rage jin insulin a jiki, suna ɗan ɗaga suga da kitsen jini. Kabedilol, saboda yana toshe alfa ma yana faɗaɗa jijiyoyi, ba ya yin haka. A gwajin 2004 da ya kwatanta su ga masu ciwon suga da hawan jini, matsakaicin suga na wata uku ya ƙaru da 0.15 ga masu shan metofurolol, bai motsa ba ga masu shan kabedilol. To amma kabedilol ba ya zaɓi, yana rufe beta-2 kamar furofaranolol. Ƙarin 0.15 ana gyara shi da abinci ko ɗan sauyin magani, shaƙewar huhu kuwa ba ta jiran ranar asibiti. Asma ta yi rinjaye. Atenolol, wanda ya fi arha kuma ko'ina ana samunsa, ba shi da shaidar amfani a raunin zuciya, ga shi ta ƙoda yake fita, tasa kuma ta fara gajiya. Nebibolol yana da zaɓi sosai, amma tsadarsa da wuyar samunsa a garinsu sun sa na yi tsoron ranar da zai yanke. Muka tsaya kan bisofurolol.

Ba mu fara ba sai da ruwan jikinsa ya sauka, huhunsa ya bushe, domin beta-buloka a kan zuciyar da ruwa ya danne ƙara nutsar da ita yake yi. Ranar farawa yana kwance a ɗakin jinya, nebulaiza da ifiratirofiyom a gefen gado. Ya busa 420, ya sha miligiram 1.25, wato rabin ƙwayar 2.5. Muka ja layi a 336, kashi 80 cikin 100 na abin da ya fara da shi: in ya sauka ƙasa da haka, an fasa. Bayan awa biyu ya busa 405, bayan awa huɗu 400. Muka sallame shi da na'urar busawa tasa ta kansa da littafi, ya riƙa rubutawa safe da dare.

Duk bayan mako biyu muna ƙarawa. A 2.5 babu abin da ya canza. A 5, busawarsa ta tsaya wajen 385, bugun zuciya 62. Burin da gwaje-gwajen suka sa shi ne miligiram 10, sai muka gwada 7.5. Kwana goma ya dawo: tari na tashinsa da asuba, ya shaƙi inhelar ceto sau huɗu a mako, littafinsa ya nuna 345, bugun zuciya 54, ya ce jikinsa ya mutu.

Kafin a ɗora wa magani laifi sai an tabbata, domin raunin zuciya shi ma yana sa ƙirji kuka in ruwa ya taru a huhu. Muka ɗora shi a sikeli, nauyinsa bai ƙaru ba. Ƙafa ba kumburi, jijiyar wuya ba ta cika ba, ƙasan huhu ba ƙarar ruwa, yana kuma kwanciya da matashi ɗaya kamar da. Busawar kuwa tana ƙasa da asuba ta ɗan hau da rana, ta kuma gyaru bayan salbutamol. Wannan hoton asma ne. Masu gadin sun fara tsallakawa ƙofa ta biyu.

Shawarar da ƙaramin likita ya kawo

Wani ƙaramin likita da ke tare da ni, yaro mai karatu, ya ce, "Ranka ya daɗe, tun da bugun ya yi ƙasa kuma huhu ya fara ƙorafi, me zai hana mu koma irin waɗanda ke da ɗan zaburarwa a jikinsu, kamar findolol ko asebutolol?"

Tambayar tana da tushe. Bisofurolol da furofaranolol in sun zauna a ƙofa, rufe ta suke yi ruf. Findolol da 'yan uwansa kuwa kamar dutse ne da aka tokare ƙofa da shi a rabin buɗe. Ba ta rufuwa gaba ɗaya, ba ta kuma buɗuwa gaba ɗaya. In mutum yana hutawa, adirenalin kaɗan ne, sai maganin ya zama shi ne ke ɗan zaburar da zuciya, bugu ba ya faɗuwa sosai. In ya tashi aiki ko ya fusata, adirenalin ya zo da yawa, sai ya tarar an riga shi, maganin ya zama mai tarewa. Amfaninsu ke nan: ƙarancin jinkirin bugu, ƙarancin sanyin hannu da ƙafa, ƙarancin taɓa kitsen jini.

Na ce masa abubuwa biyu ne suka hana. Na farko, zaburarwa da zaɓi halaye ne biyu dabam, kada a gwama su. Findolol yana da zaburarwa mai ƙarfi, amma ba ya zaɓi. Zai zauna a beta-2 na huhu ya ɗan buɗe shi, ranar da asma ta tashi kuma salbutamol ya zo yana neman a buɗe ƙofa gaba ɗaya, dutsen nan ne zai hana. Rabin buɗewa ba ya isar mai shaƙewa. Asebutolol yana da ɗan zaɓi, amma bai kai na bisofurolol ba, don haka ta fuskar huhu ci baya ne. A faɗuwar suga ma ba a dogara da zaburarwar ta dawo da gargaɗi.

Na biyu ya fi nauyi. Abin da muke nema wa zuciyar Alhaji shi ne hutu, ta rage gudu dare da rana, har a cikin barci. Maganin da ke zaburar da ita lokacin hutu ya rage ainihin abin da aka zo nema. An gwada wannan tunani. Zamoterol, mai zaburarwa sosai, an ba masu raunin zuciya mai tsanani, sakamakon da aka wallafa a 1990 ya nuna mutuwa ta fi yawa ga waɗanda suka sha shi a kan waɗanda ba su sha ba. Bayan toshewar jijiyar zuciya ma, kariyar masu zaburarwa ba ta kai ta sauran ba. Wurinsu ƙunci ne: mai hawan jini da wani dalili ya sa dole sai beta-buloka, bugunsa kuma yana faɗuwa ƙwarai da sauran. Alhaji ba shi ba ne.

Muka koma miligiram 5. Cikin mako guda busawa ta dawo 390, tarin asuba ya tafi, bugu ya zauna tsakanin 60 da 64. A nan muka bar shi. Rabin burin littafi ne, amma bugun ya sauka daga 88 zuwa inda ake so. Da bugun ya tsaya sama da 70, da sai mu ƙara ibabiradin, wanda ke rage gudun zuciya ba tare da ya taɓa ƙofofin beta ba. Berafamil da diltiyazem, waɗanda akan ba mai asma a madadin beta-buloka don wasu matsalolin, ba sa shiga nan, domin suna ƙara raunana zuciyar da ta riga ta yi rauni.

Ta ɓangaren suga, mun gyara abin da ke kayarwa maimakon mu guji abin da ke ɓoyewa. Metfomin da dafagilifulozin, wanda zuciyarsa ma ke amfana da shi, ba su cika kayar da suga su kaɗai ba, don haka ɓoyewar alamomi ta rage nauyi. Duk da haka na zaunar da shi da Hajiya. Bisofurolol ba ya hana hanta aikinta kamar furofaranolol, amma faɗuwar gaba ta beta-1 ce, wadda shi ma ya rufe. Na ce, "Alhaji, in ka ga zufa ba dalili, ko yunwa ta taso maka farat ɗaya, ko Hajiya ta ga maganarka ta sauya, a soki yatsa. In ya yi ƙasa da 3.9, ko babu na'ura a kusa, a dama suga cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa ka sha, a sake aunawa bayan minti goma sha biyar." In wata rana ya koma kan insulin, wannan magana za ta ƙara nauyi, musamman da azumi.

Na kuma ja masa kunne kan abin da ya saba wa karon farko. Wancan mun tsayar da shi rana ɗaya, wannan ba a yi masa haka. Jikin da ya daɗe kan beta-buloka yana ƙara yawan ƙofofinsa, in aka janye maganin kwatsam sai adirenalin ya tarar da su duka a buɗe, zuciya ta zabura, ciwon ƙirji ya dawo ko jijiya ta sake toshewa. In ya rage saura na mako guda, a sayo wani. In asma ta tashi da ƙarfi, asibiti zai zo, mu ne za mu yanke ko a rage ko a dakatar.

Wata bakwai bayan haka ɗansa ya kira ni daga wani asibitin ido. An gano matsin idon Alhaji ya hau, an rubuta masa maganin ɗigawa. Ya ce, "Likita, na ido ne kawai, amma na ga sunan ya ƙare da lol." Timolol ne, kashi 0.5. Ba ya zaɓi, kuma ɗigon yana gangarawa ta magudanar hawaye zuwa hanci, ya shiga jini kai tsaye ba tare da hanta ta fara tace shi ba. An sha samun masu asma da ɗigon ido kaɗai ya shaƙe, ga shi kuma zai haɗu da bisofurolol ya ƙara danne bugun zuciya. Na ce ya miƙa wa likitar idon waya. Ashe Alhaji ya lissafa mata suga da hawan jini da zuciya, bai ambaci asma ba, tun da a ganinsa ta warke. Ta soke timolol ta rubuta latanofuros, ɗigo ɗaya da dare.